Bidiyon lissafin zakka na minti biyu: ku duba mini shi kafin in sake shi

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan la'asar na ɗauki wani ɗan bidiyo a butik ɗin kawuna, nan kasuwar Tawa, minti biyu da ƴan daƙiƙu, a kan yadda ake lissafin zakkar kuɗi da kayan sayarwa. Abin da ya sa ni shi ne, bara ina zaune wani maƙwabcinmu ya zo yana tambayar kawu nawa zai fitar, aka yi ta ja har aka kira magariba ba a tsaya kan lamba guda ba. Kowa ya san ɗaya cikin arba'in ne. Ɗaya cikin arba'in na me, nan ake rabuwa.

Na jingina salula da buhun shinkafa, na yage murfin kwali na rubuta lambobin da bik, hannuna kaɗai ake gani. Ga abin da na faɗa ciki, don waɗanda bidiyon bai buɗe musu ba.

Wani mai butik ne, ranar fidda zakkarsa ta zagayo. Kuɗin da ke hannunsa, na aljihun tebur da na banki duka, sefa 1,500,000. Kayan da ke butik ya ƙirga su, sun tashi 3,500,000. Bashin da yake bin mutane kuma yana sa ran za su biya, 400,000. Jimilla 5,400,000. Shi kuma ɗan sarin da ke ba shi kaya yana bin sa 600,000, sai a cire, saura 4,800,000. Nisabi giram 85 ne na zinariya. Na ce mu ɗauka giram guda jika 50 ne, ya zama 4,250,000. Dukiyarsa ta wuce nisabi, don haka zakka ta hau shi. A raba 4,800,000 gida 40, a samu 120,000. A ƙarshe na ce wanda ba shi da kalkuleta ya riƙe wannan: kowace jika dala biyar, kowane miliyan jika 25.

Ba na so in sake shi ya shiga wayoyin mutane da kuskure ciki, don maganar farilla ce. Ku duba mini, musamman Malam.

Kabu-kabun Yamai:
Wa alaikumus salam. Ƙanena aiki ya yi kyau, muryar ma ta fita sarai. Amma ina ganin ka yi wa mai butik ɗin yawa. Ai nisabi shi ne abin da aka yafe wa mutum. Ka cire 4,250,000 daga 4,800,000, saura 550,000, shi za ka raba 40, ya ba ka 13,750. Haka na fahimta tun da can.

Malam na Zaure:
A'a, ba haka ba ne ɗan'uwa, kuma gara da ka faɗa a fili don da yawa haka suke zato. Nisabi ƙofa ce ta shiga, ba rabon da ake ware wa mai dukiya ba ne. In dukiya ba ta kai shi ba, babu komai a kanta. In ta kai, daga dukanta ake fitarwa, tun daga dalar farko. Dubi yadda abin ya zo tun asali: wanda ke da dinari ashirin cif, rabin dinari yake bayarwa. Da a ce cire nisabi ake yi, da mai dinari ashirin bai ba da komai ba, tunda ashirin a cire ashirin babu saura. To 120,000 ɗin da yaron ya samu daidai ne a kan lambobin da ya ba da.

Kabu-kabun Yamai:
Allah gafarta Malam, na gane. Misalin dinari ashirin ɗin ya warware mini. Ɗan Ader, ka sa wannan jimla guda cikin bidiyon, don wallahi ba ni kaɗai ba ne.

Ɗan Ader:
Zan sa, in sha Allah. Bayan na rubuta nisabin zan ce "ba a cire shi, auna dukiya kawai ake yi da shi".

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗana, Allah ya yi albarka. Ni abin da ya tsaya mini shi ne wannan 3,500,000 da ka rubuta da layi guda kamar abu mai sauƙi. Ai duk wahalar nan take. Da wane kuɗi ka ƙirga kayan? Da yadda aka saro su ko da yadda ake sayarwa? Ni shekara da shekaru da takardar sari nake ƙirga nawa, don ita ce lambar da na tabbatar da ita. Kuɗin sayarwa kuwa ai sai an yi ciniki, yau turmi ya tafi da riba, gobe a taya shi ƙasa.

Malam na Zaure:
Hajiya ta taɓo wurin da bidiyon ya fi bukatar gyara. Mai butik irin wannan, wanda kaya ke shiga suna fita kullum, yana sayarwa da kuɗin kasuwar ranar ba ya jiran tsada, shi ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya ke kira mudiri. Hukuncinsa shi ne ranar zakkarsa ya yi wa kayan ƙima da abin da suke yi a kasuwa a wannan rana, ba da abin da ya saye su wata uku ko shida da suka wuce ba. Dalili kuwa a fili yake: zakka tana kan abin da mutum ya mallaka yau, riba kuma tana bin uwar kuɗi, shekararsu guda.

Bari in buɗe lambar yaron don a gani. A ce cikin butik akwai shinkafa buhu 100, ya saro kowane jika 13, yau kuma jika 15 ake sayarwa. Da kuɗin sari 1,300,000 ne, da kuɗin yau 1,500,000. Tsakani akwai 200,000, zakkarsu jika 5. Wanda ya ƙirga da takardar sari ya rage wa talaka jika 5 a kan shinkafa kaɗai, kafin a zo kan mai da sukari. Kuma abin yana juyawa: in kaya sun faɗi, an saro 15 yau sun koma 13, da 13 za a ƙirga, ba a ɗora wa mutum ribar da babu ita.

Amma Hajiya kar hankalinki ya tashi kan ciniki. Ba a ce ki ƙirga da kuɗin da kike fara faɗa wa mai saye ba, wanda ke ma kin san za a rage. Kuma ba da kuɗin wanda bashi ya kama yana karyar da kaya ba. Kuɗin da aka saba sallamawa a kai, shi ne ƙima. Daga malaman wannan zamani akwai masu cewa a ƙirga da kuɗin sari na yau, wato abin da kayan za su yi in an kwashe su gaba ɗaya, kuma wannan magana ce mai ƙarfi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne tsohuwar takarda.

Hajiya Mai Atamfa:
To Malam, kuɗin sari na yau zan iya sani, waya guda ce zuwa wurin mai ba ni kaya. Amma ina da wasu turame, kusan talatin, zanensu ya wuce yayi, shekara biyu suna kan kanta har gefen ninkin ya koɗe. Ba mai ko taya su. Su ma kowace shekara sai na biya musu?

Malam na Zaure:
Maganar da ta shahara a mazhaba ita ce ana yi musu ƙima ko da sun yi kwantai. Sai dai ƙimarsu ta gaskiya, ba ta ranar da suna yayi ba. In kin saro turmi jika 8 kuma yau ba wanda zai ba ki fiye da jika 3, to 3 za ki rubuta: turmi 30 ya zama 90,000, zakkarsu 2,250. Akwai kuma daga manyan malaman mazhabar waɗanda suka ce kayan da suka yi kwantai a bar su sai ranar da aka sayar. Ni na fi natsuwa da ta farko, tunda rage ƙimar ya riga ya sauke miki mafi yawan nauyin.

Ɗan Ader:
Malam, firigo fa? Kawu yana da firigo biyu na ruwan sanyi da lemo, da sikeli, da moto da ake kai kaya. Ban sa su cikin 3,500,000 ba, amma ban faɗa a bidiyon cewa ban sa ba.

Malam na Zaure:
Ka yi daidai da ba ka sa ba, kuma ka faɗa. Abin da aka aje don a sayar shi ake ƙirgawa. Abin da ake aiki da shi, firigo, kanta, sikeli, moto, ɗakin butik ɗin kansa, babu zakka kansu. Lemon da ke cikin firigon dai a ƙirga shi.

Uwar Ƴan Biyu:
Salama alaikum, ku yi haƙuri ban ga bidiyon ba. Mu gidanmu mutum tara ne har da jaririya. Tiya nawa za mu fitar na hatsi, kuma jaririyar tana ciki?

Ɗan Ader:
Yaya, wannan zakkar kono ce kike tambaya, ta ƙarshen azumi. Bidiyon na zakkar dukiya ne.

Malam na Zaure:
Amsarki a taƙaice: kowane kai sa'i guda, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da garin ya fi ci, kuma jaririya tana ciki in an haife ta kafin lokacin ya shiga. Ki nemi mudun da aka auna a masallacin unguwarku, kar ki dogara da tiyar kasuwa don ba duka girmansu ɗaya ba. Mu bar wannan sai azumi ya matso.

Maitre Lissafi:
Ni malamin lakkol ne, lissafi nake koyarwa, fiƙihu kuwa ɗalibi ne ni. Lissafin bidiyon babu kuskure, na bi shi layi layi. Damuwata wannan "mu ɗauka giram guda jika 50". Bidiyo ba ya mutuwa, bayan shekara biyu wani zai tura wa wani, mai kallo kuma lambar da ya gani ita zai riƙe: nisabi miliyan huɗu da kwata. Ku duba abin da zai faru da wannan mai butik ɗin in giram ya zama jika 60. 85 sau 60,000 ya ba da 5,100,000. Dukiyarsa 4,800,000 ce. Ke nan mutumin da bidiyon ya ce ya fidda jika 120, yanzu ko dala ba ta hau shi ba, alhali ko kwalin ashana bai ragu a butik ɗinsa ba. Misalin yana zaune dab da bakin iyaka, ƙaramin motsi na zinariya yana juya hukuncin duka.

Shawarata, ka rubuta a kan kwalin da manyan baƙaƙe cewa jika 50 misali ne, kowa ya tambayi masu sayar da zinariya kuɗin giram a ranar da zai lissafa. Kuma ya tambayi na tsantsa, mai karat 24, don na 18 da ake ƙera ƴan kunne da shi ya fi araha, zai ba shi nisabin da ba shi ba.

Ɗan Ader:
Wannan ban yi tunaninsa ba sam. Na zaɓi 50 ne don ya yi sauƙin ninkawa. Na gode Maitre.

Ɗalibi daga Ƙonni:
To ai nan ne babbar matsalar bidiyon, ba a wurin firigo ba. Me ya sa zinariya? Nisabin azurfa dirhami 200 ne, giram 595, kuma ya tabbata a hadisi ingantacce. A ce giram na azurfa sefa 600 ne, misali nake yi kamar yadda ya yi, nisabi ya zama 357,000. Ku dubi tazarar: miliyan huɗu da wani abu a can, ƙasa da jika 400 a nan. Duk wanda ke tsakanin waɗannan lambobi biyu, bidiyon ya ce masa ka kwanta babu komai a kanka. Mutum nawa ne a kasuwar Tawa ke da miliyan huɗu? Masu jika 500 zuwa miliyan biyu su ne suka cika kasuwa. In duk an sallame su, talaka wa zai ba shi? Dole a gyara a sa azurfa, ita ce daidai.

Malam na Zaure:
Rabin maganarka gaskiya ce, kuma mai nauyi. Lambobin da ka kawo na azurfa haka suke, kuma akwai manyan malamai da majalisun fiƙihu na wannan zamani da suka ce kuɗin takarda a auna shi da mafi ƙanƙantar nisabin biyu, don shi ya fi amfanar talaka kuma ya fi kuɓutar da wuyan mai dukiya. Ba wanda zai raina wannan.

Inda ban bi ka ba shi ne "dole" da "ita ce daidai". Zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, dinari guda yana daidai da dirhami goma ko kusa da haka, shi ya sa dinari 20 da dirhami 200 suke kusan dukiya guda. Daga baya azurfa ta faɗi ƙwarai, zinariya ta riƙe darajarta. Masu auna da zinariya suna cewa: dubi sauran nisabobi, tumaki ko awaki 40, shanu 30, raƙuma 5. Je kasuwar dabbobi ka tambayi kuɗin tumaki arba'in, ka ga wanne ya fi kusa da shi. Suka ce zakka daga mawadaci ake karɓa a ba matalauci, mai jika 360 kuwa da iyali goma a yau, da wuya a kira shi mawadaci, wataƙila ma shi kansa ya cancanci a ba shi. Wannan ma hujja ce, ba son rai ba ne.

Kuɗin takarda bai zo da nassi nasa ba, ƙiyasi ne aka yi, shi ya sa saɓanin yake nan har yau.

Ɗalibi daga Ƙonni:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara kan kalmar "dole". Amma har yanzu ina ganin in mutum ya fitar bisa azurfa, ko da zinariya ce daidai, sadaka ya yi bai yi asara ba. In kuwa ya bi zinariya alhali azurfa ce daidai, farilla ya bari. Wanne ya fi hatsari?

Mai Waina ta Yamai:
Ku bari in sa baki, don ni ce mutumin da kuke magana a kai. Waina da kunu nake yi bakin tasha. Abin da na tara cikin shekara huɗu, da adashi da komai, jika 800 ne, ina aje da su don in sayi fili ko ɗan ƙarami ne, mu bar gidan haya ni da yara. Sun fi shekara a hannuna. In na bi ɗalibi, jika 20 zan fitar bana, baɗi ma haka, filin kuma kullum ƙara tsada yake. In na bi bidiyo babu komai. Jika 20 ba za ta kashe ni ba, amma ribar kwanaki ce masu yawa a gaban murhu. Ba gudun hakkin Allah nake ba, so nake in san ko yana kaina.

Malam na Zaure:
Baiwar Allah, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Abu na farko: niyyar sayen fili ba ta ɗauke zakka daga kuɗi, muddin kuɗi ne a hannu. Saura maganar ko sun kai nisabi. Bisa zinariya ba su kai ba, kuma in kin bi wannan kin bi maganar malamai masu hujja, ba za a ce kin hana zakka ba. Bisa azurfa sun kai, jika 20 ne kamar yadda kika lissafa. Ni abin da nake ba mutane a halin da ya yi kama da naki shi ne zinariya, wanda kuma Allah ya buɗa masa ya fitar bisa azurfa ya yi abin da ya fi. Sai dai ki tsaya kan guda, kar bana ki bi wannan baɗi ki bi wancan gwargwadon wanda ya fi miki sauƙi.

Ɗalibi daga Ƙonni:
Ni dai malamaina azurfa suka koya mini, kuma a kanta nake. Amma ba zan ce wa wannan baiwar Allah ta yi laifi ba.

Maitre Lissafi:
To ga mafita ga bidiyon, ba ga saɓanin ba. Ɗan Ader ya ɗaga misalin ya yi nisa da bakin iyaka, yadda ko da wanne aka auna zakka ta hau, sannan ya ce da baki: akwai masu auna da azurfa, giram 595, ka tambayi malaminka. Daƙiƙa goma ta isa.

Mai Albasa na Galmi:
Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba, ɗana ka rubuta min. Ni ba butik gare ni ba. Albasa nika saye lokacin da anka kwashe ta tana araha, in zuba rudu, in jira ta yi kuɗi. Bana na sayi buhu 300, kowane jika 15, miliyan huɗu da rabi ke nan. Ni ga watan cika ciki nika hidda zakka tun zamanin mahaihina, kuma wanga karo watan ya iske albasa tana cikin rudu, ko buhu ban saida ba, hannuna babu kuɗi. Bidiyo ya ce a ƙirga kaya. In ƙirga ta da wane kuɗi, alhali ban san nawa za ta ruɓe ba? Mi za ni yi?

Malam na Zaure:
Alhaji, bidiyon ba da kai yake ba, kuma wannan ma sai yaron ya faɗa. Kai ba mudiri ba ne. Mai sayen kaya ya aje yana jiran kasuwa ta tashi, muhtakiri ake ce masa, kuma Malikiyya sun raba hukuncinsa da na mai butik. Ba ka yi wa albasar ƙima tana cikin rudu. Tunda shekarar uwar kuɗinka ta riga ta cika, ranar da ka sayar, a ranar za ka fitar daga abin da ya shigo hannunka, zakkar shekara guda.

A ce cikin 300 ɗin buhu 60 sun ruɓe ko sun tsiro, ka sayar da 240 a kan jika 30. Ka kama 7,200,000. Raba 40, jika 180 ke nan. Wadda ta ruɓe babu komai a kanta, ribar kuma ba a jira mata wata shekara, tana bin uwar kuɗi. In kuma kashi kashi kake sayarwa, mota guda yau, wata bayan sati biyu, sai ka riƙa tarawa: da zarar abin da ka karɓa ya kai nisabi ka fitar masa, daga nan duk abin da ya ƙara shigowa, kaɗan ko mai yawa, kowace jika dala biyar. Ka kula kuma, daga ranar da ka fitar shekarar waɗannan kuɗi za ta fara sabon ƙirga, ba daga cika ciki ba.

Sauran mazhabobi ba su yi wannan rabewa ba, su kowane ɗan kasuwa ƙima yake yi duk shekara. Na faɗa don kar ka ji wani malami ya ce haka ka zaci ɓata ya yi.

Mai Albasa na Galmi:
Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta. To ƙanena shi noma ta ya kai da kainai, ba saye ba. Shi fa?

Malam na Zaure:
Shi daban ne. A mazhabarmu albasa ba ta cikin amfanin gonar da ake fidda wa zakka ranar girbi, ba kamar hatsi da dawa da wake ba. In ya sayar, kuɗin su fara ƙirga shekara daga ranar da ya karɓa. In shekara ta zagayo da sauran da ya kai nisabi, ya fitar. Hanafiyya su suna ganin ushiri a kanta. Amma wannan ya fita daga bidiyon mai butik.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam kafin a tashi, maganar bashi. Littafin bashina ya fi na kowa kauri, mata sai su ɗauki turmi na biki su ce sai ƙarshen wata. Akwai wata da ta ɗauki kayan jika 100 shekara uku ke nan, mijinta ya tafi ci-rani ba labari, ita da yara ko na abinci da ƙyar. Na san ba za ta iya biya ba, ni ma na bar tambaya. Na yi niyyar in ce mata na yafe, in lissafa shi cikin zakkata ta bana. Ya halatta?

Malam na Zaure:
Abu biyu ne a nan Hajiya. Na farko, wannan jika 100 ba ya cikin lissafinki tun farko. Bashin ciniki da kike sa ran za a biya shi ake haɗawa da dukiya. Wanda kika fidda rai da shi a bar shi gefe, in wata rana Allah ya kawo shi, ki fitar masa na shekara guda. A misalin yaron, da a ce cikin 400,000 ɗin akwai 100,000 irin wannan, dukiyar za ta koma 4,700,000, zakka 117,500.

Na biyu, yafe shi a matsayin zakka bai isar ba a maganar da ta shahara. Kuɗin da kin riga kin san ya tafi, in kika mai da shi zakka, kanki kika ceta ba ita ba, kuma babu abin da ya shiga hannunta. Ki yafe mata don Allah in kin iya, ladansa daban. Sannan tunda mabukaciya ce, ki ba ta daga zakkarki a hannu, kuɗin da za ta sayi hatsi da su, ba tare da sharaɗin ta maido miki da su biyan bashi ba.

Hajiya Mai Atamfa:
To. Gobe zan aika a kira ta.

Ɗan Ader:
Na rubuta gyare-gyaren a bayan kwalin. Zan sake ɗauka ranar Juma'a da safe kafin kasuwa ta cika, don jiya ƙarar injin niƙa ta shiga. Zan ɗaga kayan butik zuwa 6,700,000 yadda saura zai zama miliyan 8 cif, zakka jika 200, ya yi nisa da iyaka kamar yadda Maitre ya ce. Zai kai minti uku yanzu.

Abu guda ya rage mini, Malam. Wannan 600,000 na ɗan sari da na cire. Kawu ya ce ya taɓa ji a wurin karatu cewa in mutum yana da wata kadara da za ta iya biyan bashin, kamar fili na biyu da ba ya zaune ciki, to ba ya cire bashin daga kuɗin zakka. Kawu yana da irin wannan fili a hanyar Ƙonni.

Malam na Zaure:
Kawunka ya ji daidai, haka yake a mazhaba: ana jingina bashin ga kadarar da za a iya sayarwa a biya shi, a fidda zakkar kuɗin cikakku. A misalinka bambancin jika 15 ne. Amma akwai sharuɗɗa a kan wace kadara ce ake jinginawa da tsawon zamanta a hannunsa, ba abin minti uku ba ne. A bidiyon ka ce mai butik ɗin ba shi da wata kadara sai gidan da yake ciki, sai cirewar ta tsaya daidai. Shi kuma kawu ka ce ya same ni bayan sallar isha'i, ya zo da littafin bashin, ya kuma tuna shekarar da ya sayi filin.